Yadda ake jiƙa wake a dafa shi har ya yi luguf

Wata Asabar cikin watan Agusta na ɗora wake ƙarfe 11 na safe, baƙi za su zo mana daga Bajoga, na ce garau-garau zan yi musu da mai da yaji. Ƙarfe ɗaya ta buga wake na nan yadda yake. Sau uku ina ƙara ruwa, shinkafar da na wanke ta gaji da jira a roba, gas kuwa sai tafiya yake. Goggo ta shigo kicin ta tarar ina ta juya tukunya ina tsaki. Ba ta ce komai ba, ta sa ludayi ta tsamo ƙwaya ɗaya, ta hura mata iska, ta tsaga ta da farce ta duba cikinta.

"Ke 'yar nan, daina ƙara masa ruwa," in ji ta. "Wannan ya sha ruwa har ya ƙoshi. Tsoho ne, kanwa yake nema."

"Goggo, ta yaya kika gane?"

Ta miƙo mini ƙwayar. Cikinta ya jiƙu kaf, launi ɗaya daga baki har tsakiya, amma da na murza sai ta ƙi murjewa, ta farfashe garas-garas. Ta ce da a ce ruwa ne bai isa ciki ba, da na ga farin busasshen wuri a tsakiya kamar alli.

Wannan tsaga ƙwayar da farce shi ne abin da ya fi komai amfani a dahuwar wake, don yana gaya miki wanne daga cikin ayyuka biyu ne bai kammala ba. Dahuwar wake aiki biyu ce da ke bin juna. Na farko ruwa ya ratsa har tsakiyar ƙwaya. Na biyu zafi ya narkar da abin da ke riƙe da naman waken. Jiƙo yana yi miki na farko kyauta, ba itace ba gawayi. Na biyun kuwa sai wuta.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar

Busasshen wake ruwan da ke jikinsa kaɗan ne, kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na nauyinsa ko kusa da haka. Shi ya sa yake ajiyuwa wata da watanni. Yawancin abin da ke cikinsa sitaci ne da furotin, kuma sitaci ba ya dahuwa a bushe. Sai ya sha ruwa, zafi ya same shi, sannan ya kumbura ya yi taushi. In babu ruwa, ko wane irin zafi aka ba shi, gasuwa kawai zai yi.

Matsalar ita ce ruwa ba ya shiga wake ta ko'ina lokaci ɗaya. Ɗauki ƙwaya ki duba gefenta, wurin nan da muke kira ido ko hancin wake, inda take manne da kwanso tun tana gona. Kusa da shi akwai wata 'yar ƙofa da ido ba ya gani sosai. Ta wannan yanki ruwa ke fara shiga, ya bi ƙarƙashin fata ya zagaye, daga nan ya riƙa kutsawa ciki a hankali. Shi ya sa in kika zuba wake a ruwa, bayan 'yan mintuna za ki ga fatar ta yamutse kamar yatsun mai wanki. Fatar ce ta sha ruwa ta buɗe, naman ciki bai kumbura ya cika ta ba tukuna. In kin dawo bayan awa huɗu ko biyar, yamutsin ya tafi, ƙwayar ta yi sumul, girmanta da nauyinta sun kusa ninkawa. Wannan ita ce alamar jiƙo ya kai.

To in kika zuba busasshen wake kai tsaye a tafasasshen ruwa, wannan tafiyar da ruwa zai yi zuwa tsakiya a kan wutarki zai yi ta. Zafi yana hanzarta ta, gaskiya ne, amma duk da haka minti ashirin ko fiye na farko, tsakiyar ƙwayar a bushe take, ba ta ma fara dahuwa ba. Bayan waken kuma tuni ya fara nuna. Kafin tsakiya ta kamo, baya ya dahu ya wuce, fata ta tsage. Daga nan ake samun waken da ya fashe a ido amma in an tauna akwai tsauri a ciki.

Na taɓa gwadawa da hannuna a watan Disamba, da sabon farin wake daga mudu ɗaya. Gwangwani biyu na jiƙa tun bayan asuba, awa biyar, gwangwani biyu na bari a bushe. Tukunya iri ɗaya, kan gas ɗaya, ruwan famfo ɗaya. Jiƙaƙƙen ya murje a yatsa bayan wajen minti 30 da tafasa. Ɗayan sai da ya kusa cika awa, kuma ya sha ƙarin ruwa sau ɗaya. Lura da cewa awa biyar na jiƙo ba su rage awa biyar na dahuwa ba, kusan rabin lokacin kawai suka cire. Rabin da ya rage shi ne aiki na biyu, kuma ko kwana biyu za ki jiƙa, ba za ki kauce masa ba.

Aiki na biyun shi ne wannan. Naman wake ƙananan ɗakuna ne birjik a manne da juna, kamar tubalin gini da siminti a tsakani. Simintin wani ɗanko ne da ake kira fektin. Tafasa ce ke narkar da shi, ɗakunan su saki juna, sai wake ya zama gari-gari a harshe. Duk abin da ya ƙarfafa wannan ɗankon zai tsawaita miki dahuwa, duk abin da ya sassauta shi zai gajarta ta. Tsami yana ƙarfafa shi. Kalsiyam da magniziyam, waɗanda ke cikin ruwan wasu rijiyoyi da bohol, suna ɗaure shi tamau. Kanwa tana kwance shi. Gishiri ma yana ɗan taimakawa, duk da sharrin da ake yi masa.

Tsinta da jiƙo

Bari mu ɗauki gwangwanin madara huɗu na farin wake, abin da zai ishi gida mai mutum biyar ko shida in za a haɗa da shinkafa.

Ki baza shi a faranti ki tsince. Tsakuwa, ƙaiƙayi, waɗanda ƙwari suka huda, da waɗanda suka yi baƙi suka motse, duk waje. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta sa maigida ya ture kwano. Sai ki wanke sau biyu ko uku, kina regewa daga wannan roba zuwa waccan don yashi ya zauna a ƙasa. Duk ƙwayar da ta taso sama ki kwashe, yawanci ƙwaro ya cinye cikinta. In kin ji warin magani tun a buhu, ko kin ga farar hoda da ba ta ƙwari ba, ni dai shawarata ki haƙura da wannan waken gaba ɗaya. Wanki da zubar da ruwan farko suna rage abin da ke bayan ƙwaya, amma ba su isa a dogara da su a kan maganin ajiya ba.

Roba babba za ki nema, don waken zai ninka. Ruwa ya zama ninki uku na waken, wato gwangwani 12 ga huɗun nan, ya sha kansa da kamar tsawon yatsa. Wanda ya kumbura ya fito saman ruwa ya daina jiƙa ke nan, shi ne gobe za ki ci karo da shi da tauri a cikin 'yan uwansa. Ina zuba gishiri a ruwan jiƙon, ƙaramin cokali biyu ga kowace lita, lita kuwa ledar fiya wata biyu ce. Sodiyam ɗin da ke cikin gishiri yana ture wani ɓangare na kalsiyam ɗin da ke riƙe da fata, sai fatar ta yi laushi ta riƙa miƙewa maimakon tsagewa. Goggo har yau ba ta yarda da wannan ba, ta ce gishiri sai wake ya nuna. Mun bar shi a haka, kowa da tukunyarsa.

Tsawon jiƙo ya danganta da yanayi, kuma a nan ne mu mutanen Gombe ba za mu bi maganar "a jiƙa ya kwana" ido rufe ba. Irin waken da muke ci, fari da ja, fatarsa siririya ce, awa huɗu zuwa shida sun ishe shi. A hunturu, Disamba da Janairu, ruwan randa kamar ƙanƙara yake, ruwan sanyi kuma a hankali yake shiga, don haka za ki iya jiƙawa bayan isha'i ki dafa da safe ba abin da zai faru. Amma a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai wa digiri 40, waken da ya kwana a ruwa da safe za ki tarar da kumfa a samansa, ruwan ya yi yauƙi, yana tashin tsami kamar gasarar da ta kwana. Ya fara ruɓa ke nan, kuma tsamin da ya shiga jikinsa zai sa ya ƙi nuna da wuri, kin ga an yi ba a yi ba. A bazara ki jiƙa da safe ki dafa da rana, ko ki sa robar a firij in akwai wuta.

In kin manta ba ki jiƙa ba, akwai gajeriyar hanya. Ki zuba waken a tukunya da ruwa, ki bari ya tafasa minti biyu ko uku, ki kashe wuta, ki rufe ki bar shi awa ɗaya. Ruwan zafi ya fi na sanyi saurin kutsawa, kuma wannan awar ba ta ci miki gas ba. Ki je ki yi jajjage, ki yanka albasa da salak, kafin ki gama ya kumbura.

Ko wace hanya kika bi, kafin ki ɗora ki tsaga ƙwaya biyu ko uku. In ta rabu cikin sauƙi kuma cikinta launi ɗaya ne, ta jiƙu. In akwai farin ɗigo a tsakiya, ƙara mata awa guda. Sai ki zubar da ruwan jiƙon ki ɗauraye. Akwai wasu nau'o'in sukari a cikin wake da cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, su ne ke kawo kumburin ciki da iska, kuma wani ɓangarensu yana fita cikin wannan ruwan. Ba duka ba, kada wani ya yi miki alƙawari.

Wannan duk maganar waken da za a dafa ne da fatarsa. Na ƙosai da alale jiƙon 'yan mintuna ake masa don fata ta saki a surfe, wannan wani aiki ne daban.

A kan wuta

Ki zuba jiƙaƙƙen waken a tukunya mai kauri, ki zuba sabon ruwa ya rufe shi da kamar gaɓar yatsa biyu. Bai buƙatar ruwa mai yawa kamar busasshe, ya riga ya sha nasa. Ki yanka albasa ɗaya a ciki. In kin jiƙa da gishiri, ki dakata da ƙarin gishiri sai kin ɗanɗana daga baya.

Ki buɗe wuta sosai har ya tafasa, ki bar shi yana tafasa da ƙarfi minti goma. Farar kumfa za ta taso, furotin ne da ya fito cikin ruwa, ba datti ba ne, amma ki kwashe ta don ita ke sa tukunya ta yi ambaliya ta kashe miki wuta. Ɗan ɗigon man gyaɗa yana kwantar da ita.

Bayan minti goman nan ki rage wuta, ki rufe ki bar 'yar kafa a gefen murfi. Nan ne mutane da yawa ke asarar makamashi. Ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce zafin tafasarsa, wajen digiri 100, a garuruwanmu ma ƙasa da haka kaɗan saboda tudu. Ko kin ƙure gas, ko kin tura itace biyar a murhu, zafin ruwan ɗaya ne da na wanda ke ɓararraka a hankali. Abin da wuta mai yawa ke ƙarawa shi ne ƙone ruwa da wuri da kuma buga ƙwayoyin da juna har su fashe. In a gawayi kike, ki janye 'yan garwashi gefe. Mai tukunyar firesha ce kaɗai ke samun zafin da ya fi haka, wajen digiri 120, shi ya sa nata ke nuna cikin ɗan lokaci.

Ki ajiye ruwan zafi a buta ko filas kusa da ke. In ruwan tukunya ya ja har waken sama ya fara leƙowa, ki ƙara mai zafi, kaɗan, daidai ya rufe shi. Ana cewa ruwan sanyi yana "firgita" wake ya ƙi nuna. Ba firgita ba ce, tafasar ce ke tsayawa, sai kin jira ta dawo, in kin yi haka sau uku kin yi asarar kwata ɗin awa. Kada kuma ki yawaita juyawa da ludayi, girgiza tukunya ya wadatar.

Daga minti 20 ki fara gwadawa. Kada ki gwada ƙwaya ɗaya, ki ɗebo biyar daga wurare daban-daban, don mai awo yakan haɗa wake biyu a buhu ɗaya. Ki matsa tsakanin babban yatsa da manuniya. Wanda ya nuna zai murje ya zama kamar ƙullu, ba garas-garas. In huɗu sun murje ɗaya ya ƙi, ƙara minti biyar.

Inda za ki tsaya ya danganta da abin da za ki yi. In garau-garau ne, ki zuba shinkafa lokacin da waken ya fara murjewa amma da ɗan sauransa, don zai ƙara minti ashirin ko fiye tare da ita. In kin jira ya yi luguf kafin ki zuba shinkafa, fate za ki sauke. In kuwa faten wake ne, ki bari ya nuna sarai tukuna, sannan manja da jajjage su shiga. Tumatir, musamman na gwangwani ko na leda, da tsamiya da yakuwa, duk masu tsami ne. In suka riga waken nuna, sun kulle ɗankon nan, za ki yi ta dafawa yana nan da tsaurinsa. Yawancin laifin da ake ɗora wa gishiri na tumatir ne, don tare ake zuba su.

In ya ƙi nuna

A koma ga farce. Kin tsaga kin ga farin busasshen wuri a tsakiya, to ruwa ne bai isa ba, ki tabbatar ruwa ya rufe shi ki ba shi lokaci, zai zo. Kin tsaga kin ga ya jiƙu har ciki amma yana farfashewa, to ɗankon ne ya ƙi saki, kuma dalili ɗayan uku ne: tsami ya shiga da wuri, ko ruwan ne, ko waken tsoho ne.

Ruwa ba ya ɓuya. In sabulu ba ya kumfa da kyau a ruwan rijiyarku ko bohol, in cikin butar dafa ruwa yana yin farin ɓawo, to ruwan na ɗauke da kalsiyam mai yawa. A irin wannan gida, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ko fiya wata sun fi dacewa da jiƙo da dahuwa duka. Ledoji shida ko bakwai sun isa dahuwa da ƙari, in kin jiƙa da wani ruwan, amma ya fi kyau jiƙon ma ya samu mai kyau, don a nan waken ke shan yawancin ruwansa.

Tsufa kuwa shi ya kama ni ranar baƙin Bajoga. Ana girbin wake ne da kaka, Oktoba zuwa Disamba. Wanda za ki saya a Tudun Hatsi ko wajen mai awon unguwa a watan Disamba sabo ne, wani ma ba ya buƙatar jiƙo mai tsawo. Wanda za ki saya a Yuli ko Agusta ya sha zafin bazara a sito, ya kuma shaƙi laimar damina. Zafi da laima tare suna sa wani sinadari a cikin ƙwayar, wanda ke riƙe da kalsiyam da magniziyam, ya lalace ya sake su, su kuma su je su ɗaure ɗankon tun waken yana buhu. Irin wannan yana shan ruwa lafiya lau, ya kumbura ya yaudare ki, amma ya ƙi laushi. Jiƙon ruwa zalla ba ya warkar da shi. A kasuwa za ki iya zarginsa in farin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, jan kuma ya yi duhu, ƙyallin fatar ya dushe.

Maganinsa kanwa, amma da awo. Ga gwangwani huɗu, guntun da bai wuce ƙwayar gyaɗa ɗaya ko biyu ba. Kada ki jefa ta a dunƙule. Ki jiƙa ta a rabin kofin ruwan ɗumi, ta narke, yashin ya kwanta, ki tsiyaye ruwan saman a tukunya ki bar laka a kofi. Mai baking soda za ta iya sa kwata zuwa rabin ƙaramin cokali a madadinta. Ki zuba rabi tukuna, ki jira minti goma ki gwada, don ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, wata ta fi wata kaifi. In ta yi yawa za ki gani da idonki: farin wake ya koma ja-ja, fata ta saɓule ta taru a sama, baya ya caɓe, a baki kuma akwai santsi da ɗanɗano kamar na sabulu. Tana kuma lalata wani ɓangare na bitamin B1 da ke cikin wake, ga wasu tana ɓata musu ciki. Don haka ban ga dalilin sa wa sabon waken da aka jiƙa kanwa ba, sai dai ga mai son jan launin nan a garau-garau, wannan kuma ra'ayi ne.

Ranar nan Goggo da kanta ta jiƙa kanwar a murfin kofi, ta tsiyaye, ta ce in rufe tukunya in fita daga kicin in daina leƙe. Bayan kwata ɗin awa waken ya murje. Baƙi sun ci abincin rana gab da la'asar. Sauran mudun kuwa, duk ranar da zan dafa, tun a ruwan jiƙo nake sa masa gishiri da ɗan ruwan kanwa, in ba shi awa shida, in ɗauraye, sannan in ɗora da sabon ruwa. A haka yake nuna cikin wajen minti 45, kuma launinsa bai yi jan da yake yi in a tukunya aka zuba kanwar ba.